Uku Cikin Ɗari

A farkon Disamba ƙungiyarmu ta Thabong Miners tana ta goma sha huɗu a teburin ƙungiyoyi goma sha shida, kuma duk wanda ke bin ƙwallo a Welkom ya san kwanakin Koci Tshediso Maphalla sun ƙare. Shekarunsa hamsin da tara. Ƙungiyoyi huɗu sun sallame shi kafin ya dawo garinsu, kuma shi da kansa ya faɗa mini cewa idan aka kore shi a nan, wayarsa ba za ta ƙara yin ƙara ba. Ni ne jami'in yaɗa labaran kulob ɗin, bayan shekarun da na yi a teburin wasanni na wata jarida a Bloemfontein. Saboda haka nake zama a tarukan da ba a tambayar ra'ayina.

Mai kulob ɗin kuma Ciyamansa, Lebona Thulo, wanda kowa ke kira Ntate, wato baba, yana da motocin haya da kamfanin shirya jana'iza. Ofishinsa yana saman shagon akwatunan gawa, sai ka bi ta tsakaninsu kafin ka kai matakala. Can ya kira mu ranar Litinin: ni, da Koci, da Puleng Sekhonyana, mai nazarin wasanni. Ta karanta lissafi a jami'a, ta yi aiki a kamfanin inshora, sannan ta ajiye ta zo ƙwallo. Tshediso ne ya nace sai an ɗauke ta.

"Wasa goma sha biyu, ƙwallo tara," in ji Ciyaman. "Direbobina ma idan na ba su riga za su ci tara. Tshediso, ka san ba na jin daɗin wannan."

Puleng ce ta juyo da kwamfutarta.

"Ntate, kafin ka yanke hukunci, ka ba ni minti biyar."

"Minti uku. Ina da jana'iza a Odendaalsrus."

Ta nuna masa zanen rabin fili cike da ɗige-ɗige. Kowane ɗigo, in ji ta, bugu ɗaya ne da ɗan wasanmu ya kai wa raga. Kamfanin da muke sayen bayanai a wurinsa yana da mutane da ke kallon bidiyon kowane wasa suna rubuta kowane bugu: nisansa daga raga, yawan faɗin ragar da mai bugun ke gani daga inda yake tsaye, da ƙafa ya buga ko da ka, kuma yadda ƙwallon ta zo masa, kuros ne daga gefe, ko an zura masa ita ta tsakanin 'yan baya, ko daga bugun kwana. Sai a duba dubban ɗaruruwan bugu na baya masu kama da shi, a ga nawa ne suka shiga.

"Fenareti guda ɗari, wajen saba'in da shida suna shiga. Don haka fenareti ɗaya darajarsa 0.76 na ƙwallo. Bugu daga mita ashirin da biyar, uku ne kawai cikin ɗari, wato 0.03. Idan aka tara na wasa duka, ana samun ƙwallayen da ake sa ran ƙungiya ta ci. Shi ake kira xG."

"To, mu nawa ne?"

"Goma sha shida. Mun ci tara. Abokan karawarmu kuma damar da suka samu a kanmu ta goma sha uku ce, amma sun ci goma sha biyar."

Ciyaman ya jingina da kujera. "Wato akwai ƙwallayena bakwai a wani wuri. Wa ya riƙe su?"

"Turke ya riƙe uku. Golan ƙungiyar Polokwane ya riƙe biyu a rana ɗaya. Ntate, ƙungiyar da ke samar da dama irin wannan ba ta saba daɗewa a ƙasan teburi ba. Ba alkawari nake yi ba. Amma idan ka kori Koci yau, ka kore shi ne saboda abin da ba shi ya jawo ba."

Ntate Thulo mutum ne mai son abin da zai iya karantawa a layi ɗaya. Ya daɗe yana kallon lambobin.

"Shi ke nan," ya ce. "Na daina duba sakamako har ƙarshen Fabrairu. Wannan lambar zan duba. Kowane wasa, Puleng, ki turo min tamu da tasu. Idan tamu ta fi, Tshediso ya ci. Idan tasu ta fi a wasa biyu, ya tattara kayansa."

"Ntate, ba haka ake amfani da ita ba. Wasa ɗaya ba ya nuna komai. Fenareti guda zai iya juya ta."

"Ke kika kawo ta, Ausi," ya ce, yana kiranta 'yar'uwa da harshenmu. "Ni da sakamako na zo. Ki zaɓa, lambarki ko tawa?"

Ta kalli Koci. Shi yana kallon takalmansa.

"Tawa," ta ce.

Da muka sauko, Tshediso ya tsaya a bakin titi ya sa hularsa. Ya ce da ita, "Na gode, 'yata."

Wasan da ya biyo baya a gida muka yi shi, kuma shi ne mafi kyau da na ga mun buga a kakar. Salon Tshediso sananne ne: a riƙe ƙwallo, a ja abokan karawa gefe guda, a kai ta har layin ƙarshe, sannan a mayar da ita ƙasa-ƙasa ta gaban raga, inda Mohau Ntsane, ɗan wasan gabanmu da ya kwana biyu, yake isowa a turke na nesa. Sau huɗu ƙwallon ta ratsa gaban raga ranar. Sau ɗaya Mohau ya taɓa ta, ta shiga. Sau uku ta wuce ƙafarsa da abin da bai kai taƙi ba. Baƙin suka sami fenareti a zagaye na biyu, aka tashi ɗaya da ɗaya. 'Yan kallo suka tafa mana, abin da suka daɗe ba su yi ba.

Washegari lambar ta zo. Mu 0.7, su 1.3. Ciyaman ya tura wa Koci saƙo mai kalma biyu: "Saura ɗaya."

Ranar Talata ina gefen filin atisaye ina jiran 'yan wasa biyu da gidan rediyo ke son hira da su, sai Koci ya kira Puleng.

"Zo ki koya min karatun nan naki. Waɗancan ukun da suka wuce Mohau, nawa aka ba mu?"

"Babu komai, Koci."

"Babu komai? Ragar a buɗe take. Jikata ma za ta ci."

"Bai taɓa ƙwallon ba. Idan ba a buga ba, babu abin da za a lissafa."

"To wanda ɗan bayanmu Lindani ya ɗirka daga tsakiyar gari ya kusa kashe mai sayar da lemo fa?"

"0.02."

"Ya fi na Mohau ke nan."

"A takarda."

"Wanda ɗan baya ya tare da ƙirji tun bai yi nisa ba?"

"Ana lissafa shi. Bugu ne."

"Kamfanin nan ya san ko akwai mutum biyar a gaban mai bugun?"

"Wanda muke saye bai sani ba. Akwai masu tsada da ke duba inda 'yan baya da gola suke tsaye. Namu wurin bugun kawai yake gani, da yadda ƙwallon ta zo."

"Ya san ko waye ya buga?"

"A'a. Kowa ɗaya ne a wurinsa."

Koci ya gyaɗa kai a hankali, ya busa usur, ya koma cikin fili. Puleng ta tsaya tana kallon bayansa. Ta tambaye ni ko na ga yadda ya yi tambayoyin nan, na ce na gani.

Bayan hutun Kirsimeti atisayen ya canja. Aka jera ƙwallaye a wajen yadi na goma sha takwas, kowa yana bugawa, har 'yan baya. Idan ɗan wasa ya kai bakin yadin ya ba wani, Koci yakan tsayar da wasa.

"Ka ga raga?"

"Na ga ƙeyar Lindani, Koci."

"Raga tana bayan ƙeyar. Buga!"

'Yan wasa ba su san sharaɗin Ciyaman ba a farko, amma a kulob babu abin da ke ɓoyuwa mako guda. Suka sa wa abin suna lambar Ausi. Lindani Zwane, ɗan baya mai ƙarfin ƙafa da ƙarancin saiti, ya zama tauraron atisaye. Duk lokacin da ya aika ƙwallo ta haye katanga ta faɗa unguwa, sai ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Ausi, rubuta min biyu cikin ɗari!" Sauran su fashe da dariya.

"Ka yi hamsin irin wannan ka ci ƙwallo ɗaya," in ji Mohau.

"Kai da ƙafarka ba ta kai ba, sifili gare ka, tsoho. Ni ma'aikaci ne, kullum ina ajiye wani abu."

"Ajiye shi a gidan matar da ka fasa wa taga."

Mohau bai yi dariya da su ba. Shekarunsa talatin da huɗu, gudunsa ya ragu, abin da ya rage masa shi ne sanin inda ƙwallo za ta faɗo. Yanzu ba ta faɗowa ko'ina.

Wasanni huɗu muka buga daga Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Duk huɗun lambarmu ta fi. Muka sami maki ɗaya, muka ci ƙwallo biyu, muka sauka na goma sha biyar. Kusan duk iri ɗaya suke tafiya. Mu buga daga nesa, ta daki ƙafar ɗan baya, ta koma tsakiya, su ruga da ita su ci. Da sun shiga gaba sai su koma gida su tara mutum tara a gaban golansu, su bar mana duk filin da ke wajen yadin. Mu yi ta bugawa. Su kuma sun daina kai hari, don ba su da bukata, sai lambarsu ta tsaya inda take, tamu tana hawa da kaɗan-kaɗan har a tashi.

Ciyaman ya cika maganarsa. A rediyo ya ce yana da bayanan da masu zagi ba su da su. Magoya baya suka fara kiransa Farfesa. Wasu suka ƙone tayoyi a ƙofar filin atisaye, 'yan sanda suka zo suka kashe, aka ci gaba da atisaye cikin warin roba.

Wata Alhamis da rana Puleng ta roƙe ni in raka ta wurin mai gashin nama da ke bayan tashar motoci, inda Koci ke cin abinci shi kaɗai. Ta ce tana son wani ya ji abin da za ta faɗa. Muka same shi da faranti na tuwon masara da gasasshen nama, bai ci rabi ba.

"Kun zo gaisuwar mutuwa?" ya ce. "Ku zauna, gawar tana cin abinci."

Ta zauna. "Koci, kafin Disamba muna buga sha biyu a wasa, kowanne darajarsa wajen sha ɗaya cikin ɗari. Yanzu muna buga ashirin da biyar, kowanne bai kai shida cikin ɗari ba. Jimillar ta ɗan ƙaru. Amma ƙarya ce."

"Lissafinki ne yake ƙarya?"

"Lissafin yana faɗin abin da aka koya masa. Ukun nan cikin ɗari an same shi ne daga 'yan wasan da suka ɗaga kai, suka ga hanya, suka zaɓi su buga. Namu suna bugawa ne don an ce su buga. Da ƙafar da ba su iya ba, suna faɗuwa, da mutum uku a gabansu. Na kalli bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabi ba su ko kai wurin gola ba. Na'urar tana ba mu uku, gaskiyar ba ta kai ɗaya ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Shekara talatin ina wannan aiki, Puleng. Kina tsammani ban san Lindani ba zai ci daga can ba ko da an cire golan an aike shi kasuwa?" Ya ture farantin. "Na buga wasan da ya fi kowanne kyau, aka ce saura ɗaya. Na buga shirme huɗu, ina nan ina cin nama. Ke ki faɗa min wanne zan zaɓa."

"Ka koma yadda kake a da. Ƙwallayen za su zo."

"Yaushe?"

"Ban sani ba."

"Asabar mai zuwa?"

"Ba zan iya cewa ba. Wataƙila sai bayan wasa biyar, wataƙila goma."

"Ni ɗaya gare ni." Ya goge hannunsa da takarda. "In kai ƙarshen Fabrairu kawai. Da sharaɗin ya ƙare, in koma ƙwallon da na sani. Maris da Afrilu sun ishe ni in fitar da mu."

"Idan ya tambaye ni fa?"

"Ki tura masa lamba biyu, kamar yadda ya ce. Ban ce ki canja ko ɗigo ba."

"Ban ce ka ce ba. Na ce idan ya tambaye ni me take nufi."

Koci ya kalle ta, sannan ya kalle ni. "Kai kuma, ɗan jarida, ba ka da abin cewa?"

Na ce ba ni da shi. Ya kira mai naman ya ƙaro mana, muka ci.

Wasan ƙarshe na Fabrairu a gida ne, da ƙungiyar da ke ƙasanmu, ta goma sha shida. Wanda ya ƙare a wannan gurbin shi ke faɗawa ƙaramin rukuni kai tsaye. An yi ruwa da safe, fili ya yi santsi, 'yan kallo ba su cika rabin wuri ba. A minti na goma sha tara Lindani ya buga daga nesa, ƙwallon ta daki gwiwar wani ta dawo ta bayansa, ɗan gabansu ya tafi shi kaɗai ya ci. Daga nan suka rufe gida.

Muka yi ta bugawa. Duk bugun da ya tashi sama, 'yan kallon ɓangaren gabas sai su haɗa baki su ce, "Rubuta, Farfesa!" Ina zaune kusa da Puleng a ɗakin 'yan jarida. Ba ta rubuta komai ba, ta haɗa hannuwanta a cinya.

Saura minti biyu a tashi, ɗan bayansu ya zame a ruwa. Katleho Molefe, ɗan wasan gefenmu, ya ɗauke ƙwallon, ya shigo ciki. A karo na farko a wasan bangon nasu ya tsage. Mohau ya riga ya gani, ya sulale ta bayan mutuminsa yana nuna ƙasa da hannu, babu kowa tsakaninsa da gola. Abin da ake bukata shi ne a tura ta mita goma ta ƙasa. A watan Nuwamba Katleho da ido a rufe zai yi. Ya ɗaga kai, na tabbata ya ga Mohau. Sannan ya ja ƙafa ya buga daga mita ashirin da biyar. Ta wuce saman raga da tsayin mutum.

Mohau bai yi masa ihu ba. Ya tsaya a inda yake, hannunsa yana nuna ƙasa har gola ya ɗauko wata ƙwallon. Koci kuma, a bakin layi, ya tafa hannu sau biyu kamar yadda yake yi wa kowane bugu tun Janairu, sai ya tsaya da tafin a tsakiya ya sa hannuwan a aljihu.

Aka tashi ɗaya da nema. Muka koma na ƙarshe. 'Yan sanda ne suka fitar da motar 'yan wasa ta ƙofar baya. Lambar ta zo washegari: bugu ashirin da bakwai, 1.5. Su 0.7.

Ranar Litinin muka sake bi ta tsakanin akwatunan. Ciyaman bai ce mu zauna ba sai da ya gama waya.

"Tshediso, ka ci biyar cikin shida," ya ce. "Ni ba na tashin magana. Na faɗa a gaban mutane, na faɗa a rediyo. Aikinka yana nan." Ya juya ga Puleng. "Amma jiya a coci wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙwallayen nan nawa suna zuwa ta jirgin ƙasa ne. Na kasa ba ta amsa. Da bakwai ne, yanzu sun haura goma. Ausi, abu ɗaya zan tambaye ki. Har yanzu rashin sa'a ne?"

Ana jin ƙarar guduma daga ƙasa. Koci yana kallon taga.

"A Disamba rashin sa'a ne, gwargwadon abin da zan iya gani," ta ce. "Yanzu ba shi ba ne."

"Me ya canja? Lambar ma ta ƙaru."

Ta buɗe kwamfutar ta nuna masa zane biyu. A na farko ɗige-ɗigen manya ne, sun taru a gaban raga. A na biyu ƙanana ne, masu yawa, sun yi baka a wajen yadin kamar an zuba gero. Ta yi masa bayanin da ta yi wa Koci a wurin mai nama, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta nuna masa bugun Katleho, ta ce an ba mu 0.03 a kansa. Da ya tura wa Mohau kuma Mohau ya buga, da dama ce ta wajen arba'in cikin ɗari. Da an tare ta a hanya, da ba a ba mu komai ba.

"Yaron ya zaɓi ukun da ke hannu," in ji Ciyaman.

"Haka ne."

"Shi ya zaɓa, ko an zaɓa masa?"

Puleng ta juya ta kalli Koci.

"Ni na zaɓa masa," in ji Koci. "Kar ka wahalar da ita. Ka ce lamba kake so, na kawo maka lamba."

"Na ce lamba nake so don na ɗauka lambar ƙwallo ce!"

"Ta faɗa maka a ɗakin nan cewa ba haka ake amfani da ita ba. Kana sauri, kana da jana'iza."

Ciyaman ya miƙe. Ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga sosai ba. "Wata biyu ana kirana Farfesa a garin da aka haife ni. Na tsaya maka a gaban mutanen da suka ƙone min taya. Ashe kai kana can kana cika min buhu da yashi."

"Ntate," in ji Puleng, "sharaɗin ya ƙare. Idan ya koma salonsa na da, bayanan wasa goma sha biyun farko suna nan, kuma su gaskiya ne. Shi ne har yanzu ya fi dacewa ya fitar da mu."

"Kin tabbata?"

"Ba tabbas a cikin wannan aikin. Amma shi zan zaɓa."

"A Disamba ma kin zaɓa." Ya koma ya zauna. "Tshediso, alkawarin da na yi, na yi wa mutumin da ke ƙoƙarin cin wasa ne. Ka miƙa makullan motar kulob a ƙasa."

Koci ya tashi, ya sa hularsa tun a cikin ofis, abin da ba ya yi. A bakin ƙofa Puleng ta ce, "Koci." Ya tsaya bai juyo ba.

"An tambaye ki, kin faɗa," ya ce. "Ki gaya wa Katleho ba laifinsa ba ne. Ba zai yarda daga bakina ba."

Ya sauka. Ta taga na ga ya tsallaka titi ya shiga layin masu jiran motar Thabong. Motar da ta tsaya ta Ntate Thulo ce, kamar yawancin motocin hanyar. Wasu samari a layin suka gane shi, ɗaya ya faɗi wani abu, sauran suka yi dariya. Ya shiga ya zauna a kujerar baya.

Ranar Laraba aka kawo sabon koci daga lardin Gauteng, mutumin da ake kira idan ƙungiya tana nutsewa. Bai nemi ganin Puleng ba. Ya ajiye Mohau a benci, ya sa 'yan baya biyar. Wasansa na farko a waje muka yi shi. Sau uku kacal muka buga wa raga. Ɗaya daga ciki kwana ce da ta daki kafaɗar Lindani ta shiga. Masu gida suka daki turke sau biyu, suka ɓarar da fenareti. Muka ci ɗaya da nema, nasarar farko tun Oktoba.

A hanyar dawowa 'yan wasa suna ta waƙa a mota, suna dukan kujeru. Ciyaman ya kira ni ya ce in rubuta cewa ƙungiya ta farfaɗo, in sa hotonsa da sabon koci. Na ce to.

Da safe Puleng ta tura masa lambar kamar yadda ta saba: mu 0.3, su 2.4. Ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa ƙungiyar da ke wasa haka ba ta cika tsira ba. Ya amsa mata kafin azahar. Ya ce ta daina turo masa, kuma kwangilar kamfanin bayanan idan ta ƙare a watan gobe ba za a sabunta ba.

Saura wasa goma sha ɗaya a lokacin, muna na goma sha biyar.